Launin Bangon Gida: Wanda Rana Ba Ta Koɗar da Shi, Ƙura Ba Ta Tona Masa Asiri

(Taken shiri)

 Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na gida da gini. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gwarzo da Getso da Kutama da Lakwaya, da na Kabo da Garo da Durun da Gude, domin shirin yau a kan gidajenku ya tsaya. Iyayenmu maza da iyayenmu mata, magina da masu fenti, da matasan da suke haɗa kan ginin aure, ku matso kusa da rediyo.

Duk wanda ya saba bin titin da ya taso daga Kano ya ratsa ta ƙasar Kabo ya shiga Gwarzo, ya san abin da zan faɗa. Za ka ga gida an gama shi ana saura mako guda Sallah, an shafe shi da ruwan hoda ko shuɗi mai ɗaukar ido. Kafin Sallar baɗi ta zagayo, ruwan hodar ya zama fari-fari, shuɗin ya yi toka-toka, gindin bangon kuma ya rine da ja. A maƙwabtansa kuwa ga wani gida mai launin ruwan ƙasa, ya fi shi daɗewa da fenti, amma har yanzu yana nan da mutuncinsa. Sau da yawa kuɗin da aka kashe kusan ɗaya ne. Bambancin yana wajen zaɓen launi, kuma zaɓen nan yana da ƙa'ida. Ƙa'idar ce za mu bi yau daki-daki.

Mu fara da ƙura, domin yawancinmu mun ɗauka iri ɗaya ce. Bangon gida a wannan yanki namu yana fama da ƙura iri biyu, kuma launinsu ya sha bamban.

Ta farko ita ce ƙurar hunturu, wadda take zuwa da hazo daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris. Mafi yawan wannan ƙura baƙuwa ce. Iskar arewa maso gabas ce take ɗauko ta daga hamada, musamman daga wani kwari mai suna Bodele a ƙasar Chadi, wanda a zamanin da gindin babban tafki ne. Wannan ƙura tana da laushi ƙwarai, launinta kuma fari-fari ne mai ɗan rawaya ko toka. Daga sama take sauka, ta kwanta a kan katanga da bakin taga da ƙofar ƙarfe. Saboda haskenta, ba ta da wurin da take bayyana kamar a kan launi mai duhu: baƙi, shuɗi mai duhu, kore shar, ko ruwan hanta.

Ta biyu ita ce ƙurar ƙasarmu, jar ƙasa da marmara da ake zubawa a hanyoyin burji. Da rani motoci da babura da garken shanu su tayar da ita. Da damina kuma ruwan da ya zubo daga kwano ko indararo ya bugi ƙasa, ya fantsama taɓo a gindin bango, tsayin gwiwa, wani lokaci har ƙugu. Wannan ita ce abokiyar gabar farin fenti da ruwan bula da duk wani launi mai haske sosai. Jar ƙasa kuma ba kwanciya kawai take yi ba. Tana shiga ƙofofin fenti ta rina shi, ko an wanke sai ta bar shaida.

To kun ga inda maganar ta dosa. Baƙi yana tona farar ƙura, fari yana tona jar ƙura. Abin da ya rage shi ne tsakiya: launin da bai yi duhu ba, bai yi fari fat ba, kuma yana da dangantaka da launin ƙurar kanta. Ido ba ya ganin ƙura don tana nan. Yana ganinta ne idan launinta ya bambanta da na abin da ta hau. Ruwan madara mai ɗan kauri, ruwan yashi, ruwan zuma, ruwan ƙasa mai haske, ruwan makuba, da ruwan toka mai ɗan ja a cikinsa, waɗannan su ne launukan da ƙura take hawa ta saje da su.

Wannan ke nan game da ƙura. Mu koma ga rana, domin ita ce take koɗar da fenti.

Fenti abu uku ne a haɗe. Akwai garin launi, akwai danƙon da yake riƙe garin a jikin bango, sai ruwan da yake tsinka su don a iya shafawa. Ruwan yana bushewa ya tafi, a bar launi da danƙo su fuskanci rana. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, kuma shi ne yake karya waɗannan abubuwa biyu sannu a hankali.

Garin launi kuma gida biyu ne. Akwai wanda asalinsa ma'adini ne, dangin tsatsar ƙarfe. Daga nan ake samun ja mai duhu irin na jar ƙasa, da rawaya mai sanyi irin na yashi, da ruwan ƙasa. Irin sinadarin nan shi ne ya sa ƙasar Gwarzo ta zama ja tun asali, kuma rana ta shekara dubbai tana dukanta ba ta mayar da ita fara ba. Shi ya sa fentin da aka haɗa da shi yake daɗewa da launinsa. Gida na biyu shi ne launukan da ake haɗawa daga sinadaran man fetur don a sami kala mai ƙyalli: ja wur, ruwan hoda, ruwan goro, rawaya mai kaifi irin ruwan ɗorawa, shunayya, da kore mai haske. Akwai masu ƙarko a cikinsu, amma suna da tsada, kuma ba su ake zubawa a fenti mai araha ba. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa rana tana cinye su da wuri, musamman ja da rawaya. Idan kun ga koren bango ya juye ya koma shuɗi-shuɗi, abin da ya faru shi ne, da ma shuɗi da rawaya aka gauraya, rana ta cinye rawayan ta bar shuɗin.

Alhamdu lillahi, a nan an yi dace. Launukan da suka fi ɓoye ƙurarmu su ne kuma waɗanda suka fi jure ranarmu. Ba sai mutum ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya ba.

Magabatanmu sun riga mu gane wannan. Magina na gargajiya a ƙasar Kano suna yin yaɓen makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya ba bango launin ja mai duhu, ya kuma taimaka masa wajen jure ruwa. Suna yin laso daga katsin marina da gashin jima da dafara. Duk launukan da suke fitowa daga waɗannan abubuwa na ƙasa ne. Wanda ya je birni ya tsaya gaban Gidan Makama zai ga yadda launin ƙasa yake zama a jikin gini ba tare da ƙura ta muzanta shi ba. Yau mun koma bulo da siminti, amma rana da ƙurar ba su canza ba.

Akwai kuma maganar zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake kaiwa 40 ko ya wuce, je ka ɗora tafin hannunka a kan bango mai duhu bayan azahar, sannan ka ɗora a kan mai haske. Ba ka buƙatar wani ya yi maka bayani. Bango mai duhu yana shan zafin rana ya adana, da dare ya sake shi cikin ɗaki lokacin da iyali suke neman barci. Zafin nan kuma yana gaggauta lalacewar danƙon fentin, yana sa filasta ta riƙa buɗewa da rana tana tsukewa da dare, har ƙananan tsaguwa su fito. Saboda haka ko a cikin launukan ƙasa, babban jikin bango ya kamata ya karkata ga haske. Mai duhun a ajiye shi ga wurin da ake buƙatarsa, kuma za mu zo kan wurin.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan launin fentin wajen gida da yake jure rana ya kuma ɓoye ƙura.

Bangayen gida huɗu ba wahala ɗaya suke sha ba. Mu nan muna arewa da tsakiyar duniya da kimanin digiri 12. Saboda haka, daga ƙarshen Agusta har zuwa Afrilu, rana tana karkata ta kudu, wato duk tsawon rani bangon kudu yana cikin rana kusan wuni guda. Bangon yamma yana karɓar ranar la'asar, lokacin da gari ya riga ya ɗauki zafi. Waɗannan biyu su ne suke fara koɗewa. Bangon gabas kuwa, kowa ya san daga gabas hadari yake tasowa, shi ne yake shan dukan ruwa da iska. Bangon arewa ya fi kowanne samun sauƙin rana. Idan maigida ko uwargida suna da wani launi mai kaifi da ransu yake so, ga inda za a kai shi: cikin zaure, ƙarƙashin baranda, ko bangon tsakar gida da yake kallon arewa. A can zai daɗe. Amma a ɗora ruwan hoda a katangar da take kallon yamma a bakin titi, wannan zubar da kuɗi ne.

Yanzu bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. A ce magidanci ne a Garo, ya gina gidan bulo a fili mai ƙafa 50 ta kowace fuska. Gidan yana kan kwana. Fuskarsa tana kallon yamma, a bakin hanyar burji, gefensa na kudu kuma yana kan lungu. Sauran ɓangarori biyu sun haɗu da katangar maƙwabta. Wato bangaye biyun da za a yi wa fenti su ne daidai waɗanda suka fi shan rana, ga kuma jar ƙura a bakin ƙofa.

Matakin farko ba a shagon fenti yake ba. Ya zagaya unguwarsu ya dubi gidajen da aka yi wa fenti shekara biyu ko uku da suka wuce. A kowane gida ya kwatanta wuri biyu: can sama ƙarƙashin bakin kwano inda inuwa take, da tsakiyar bango inda rana take duka. Na ƙarƙashin kwanon shi ne kusan asalin launin. Idan bambancin kaɗan ne, launin yana da ƙarko. Idan kamar fenti biyu ne daban, ya guje shi. Sannan ya nemi izini ya shafa tafin hannunsa a bangon. Idan hannun ya fito da gari kamar alli, danƙon fentin ya mutu, kuma wannan laifin ingancin fenti ne ko yawan ruwan da aka zuba masa. Idan hannun ya fito fes amma launin ya dusashe, garin launin ne rana ta ci. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin na farko ana magance shi da canza irin fenti, na biyu kuma da canza launi.

Mataki na biyu shi ne raba bangon gida biyu. Babban jiki daga sama, a ba shi launi mai haske, a ce ruwan yashi ko ruwan madara mai kauri. Gindin bango kuma, tsayin mita 1 daga ƙasa, wato wajen ƙugun babban mutum, a ba shi launi mai ɗan duhu da ya yi kama da taɓon ƙofar gidan, a ce ruwan makuba ko ruwan ƙasa mai ja. Nan ne wurin da na ce a ajiye wa mai duhu. Wannan ɗamara ita ce take karɓar fantsamar damina, da hannun yara, da gogar awaki, da tayar babur da ake jinginawa. Amfaninta na biyu kuma, idan ta tsufa ana iya sabunta ta ita kaɗai da galan biyu, ba sai an taɓa sauran bangon ba. Yadda za a san tsayin da ya dace shi ne a dubi inda taɓon daminar bara ya tsaya a jikin filasta, a ƙara taƙi ɗaya a kansa.

Mataki na uku shi ne gwaji, kuma ina roƙon kada a tsallake shi. Ɗan katin launi da ake nunawa a shago yana yaudara, domin a inuwa ake kallonsa, kuma ƙarami ne. Launi idan ya hau babban bango a tsakiyar rana, yakan fi yadda yake a kati haske. Ruwan madarar da ka zaɓa a shago, a waje zai iya zama kusan fari. Don haka a zaɓi wanda ya ɗara abin da ake so duhu da mataki ɗaya. A sayi ɗan kaɗan na launi biyu ko uku, a shafa kowanne a bangon yamma, faɗin mita ɗaya tsayin mita ɗaya, shafi biyu. Bayan kwana biyu, idan ya bushe sarai, a ɗebi busasshiyar ƙurar ƙofar gidan a watsa wa rabin kowane, a bar rabin. A ja da baya zuwa tsallaken hanya a duba. Wanda ka kasa gane inda ƙurar ta tsaya a jikinsa, shi ne naka. A dube shi da safe, da tsakar rana, da la'asar sakaliya, domin launi yana sauyawa da hasken da ya hau shi. A kira uwargida ta gani, domin gidan na iyali ne, kuma idon mata a kan launi ba abin rainawa ba ne.

Mataki na huɗu, lissafi. Ƙafa 50 kimanin mita 15 ke nan. Idan tsayin bangon mita 3 ne, kowane bango murabba'in mita 45 ne, biyu sun zama 90. A cire ƙofar gida da tagogi, a ce 10, saura 80. Daga ciki ɗamarar ƙasa za ta ɗauki wajen 27, babban jiki kuma 53. A kan filastar siminti da ba a yi wa sikiridin ba, lita ɗaya ta fenti mai kyau takan rufe murabba'in mita 7 ko kusa da haka a shafi ɗaya, kuma shafi biyu ake yi. Saboda haka babban jiki zai ci wajen lita 15, wato bokiti ɗaya mai lita 20 ya isa har a sami ragowa. Ɗamarar ƙasa za ta ci wajen lita 8, wato galan biyu masu lita 4. Sai fentin share fage da ake fara shafawa don ya toshe ƙishirwar siminti, wajen lita 10. Ragowar fentin babban jikin kuwa a rufe ta da kyau a ajiye a inuwa, domin ita ce za a yi faci da ita, kuma da wuya a sake samun haɗin da ya yi daidai da ita. Idan gidan babba ne har ana buƙatar bokiti biyu ko uku na launi ɗaya, a juye su duka a durom guda a gauraya kafin a fara, domin ko daga kamfani ɗaya suke, sukan ɗan bambanta.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, launi mai kyau yana iya lalacewa a hannun aiki marar kyau. Akwai abubuwa huɗu da suke jawo hakan a gidajenmu.

Na ɗaya, shafa fentin cikin ɗaki a waje. Emalshan mai araha an yi shi ne don ɗaki, danƙonsa kaɗan ne, alli ya fi yawa a cikinsa. A waje, rani ɗaya ya isa ya mayar da shi gari, damina ta wanke. A shago a faɗa wa mai sayarwa ƙarara cewa fentin waje ake so, mai danƙon akrilik, a kuma sa wanda ya iya karatu ya duba jikin bokitin ya tabbatar. Ya fi tsada, amma sake fenti duk shekara ya fi shi tsada.

Na biyu, yawan ruwa. Ina kira ga 'yan'uwana masu fenti, kuma ina kira ga masu gida, domin sau da yawa maigida ne yake matsa wa mai fenti cewa bokiti ɗaya ya isar masa inda ake buƙatar biyu. Ruwan da ya wuce kima yana sa fentin ya kwanta siriri, kuma siririn fenti ba ya jure rana ko wane launi ne. A bi abin da aka rubuta a jikin bokiti. Idan ba a rubuta ba, kada ruwan ya wuce kashi ɗaya cikin goma a shafin ƙarshe, wato lita 2 a bokiti mai lita 20. Haka kuma sayen farin fenti a zo gida ana ɗiga masa kalar kwalba har a sami abin da ake so, wannan haɗin ba shi da tabbas a rana. Gara launin da aka haɗo daga kamfani.

Na uku, gaggawa a kan sabuwar filasta. Sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa, kuma yana ƙona wasu launuka, ya bar dabbare-dabbare. A ba filasta aƙalla mako huɗu ta bushe ta huce. Idan an ga wani farin gishiri yana fitowa a gindin bango, alama ce danshi yana hawowa daga ƙasa. A kankare shi a bushe da buroshi, a nemo inda ruwan yake fitowa, ko kwata ce, ko indararo, ko ramin wanka a bayan bangon, a gyara. A yi ɗan daɓen siminti ko dakali a gindin bangon mai gangara zuwa waje, domin yana rage fantsamar taɓo tun daga tushe. Idan ba a yi haka ba, fentin zai kumbura ya ɓare. Wanda kuma yake son sikiridin a waje, ya tabbata haɗin siminti ne. Farin garin da ake yin silin da shi ba ya jure ruwan sama.

Na huɗu, lokacin aiki. Kada a yi fenti ranar da hazo ya sauka ko iska take kaɗawa, domin ƙurar da ta manne a ɗanyen fenti ta zauna ke nan. Kada kuma a shafa a bangon da rana ta gasa, domin fentin zai bushe kafin ya kama. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, hazo bai yi ƙarfi ba. A bi inuwa: bangon yamma da safe, bangon gabas da yamma. A yayyafa ruwa a ƙasan wurin kafin a fara don ƙura ta kwanta.

Wasu za su tambaya, ina batun tekskot, fentin nan mai gurzar jiki? Yana da kauri, yana rufe aibun filasta da ƙananan tsaguwa. Amma ramukan jikinsa ma'ajiyar ƙura ne. A bakin hanyar burji, tekskot fari ko mai haske sosai yakan koma ja, kuma wanke shi aiki ne. Wanda ya nace a kansa ya zaɓi launin da ya yi kusa da ƙurar, ya kuma sa a yi masa zanen da bai yi zurfi ba. Fentin mai kuwa, mai sheƙi, wurinsa ƙarfe da katako. A bangon siminti yana nuna kowace ƙura da kowane lanƙwasa, kuma idan akwai danshi a ciki yakan ɓare falle-falle. Ga babban bango, sumul marar sheƙi ko mai ɗan sheƙi kaɗan ya fi. Ga ɗamarar ƙasa, mai ɗan santsi da ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma ya dace, matuƙar bangon ba shi da danshi.

Kada mu manta da ƙofar ƙarfe. Mun saba yi mata baƙin fenti, alhali babu inda ƙurar hunturu take bayyana kamar nan, ga zafin da take ɗauka har yaro ba ya iya taɓa ta da rana. A fara da jan fentin hana tsatsa, sannan a rufe da ruwan ƙasa mai matsakaicin duhu, wanda ya dace da ɗamarar bangon. Ƙarafan taga ma haka.

Iyayenmu da suke zaune a gidajen ƙasa, ku ma kuna cikin wannan magana. Bangon ƙasa yana buƙatar ya riƙa fitar da danshi, don haka kada a rufe shi da fentin mai. Idan za a shafa farar ƙasa, a jiƙa ɗan jan gari ko rawayan garin nan da ake zubawa a simintin daɓe, a gauraya kaɗan a ciki har ta koma ruwan yashi. Wannan garin dangin tsatsar ƙarfe ne, rana ba ta koɗar da shi, kuma bangon ba zai nuna jar ƙura kamar fari fat ba.

Game da kulawa, abu kaɗan ne. Idan hunturu ya wuce, a share bango da tsintsiya mai laushi daga sama zuwa ƙasa, a bushe, kafin ruwan farko. Idan aka bar ƙurar, yayyafin farko zai gangaro da ita ya zana layuka a ƙarƙashin tagogi da kan katanga. Bayan damina kuma a wanke ɗamarar ƙasa da ruwa da ɗan sabulu.

Kafin mu rufe, ga abin da nake so kowa ya riƙe. Babban jikin bango, launin ƙasa mai haske. Gindin bango, launin taɓon ƙofar gidanka. Launi mai kaifi, a kai shi inuwa. Fentin ya zama na waje, kada a cika masa ruwa, kada a shafa shi a ɗanyar filasta. Kuma kafin a biya kuɗin bokiti, a gwada a jikin bangon, a watsa masa ƙurar unguwa, a bar ido ya yanke hukunci.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan kwanon rufi da yadda launinsa yake shafar zafin ɗaki. Masu tambaya su aiko ta hanyoyin da aka saba. Allah ya sa albarka a gidajenmu, ya ba waɗanda suke gini ikon kammalawa. 

(Taken rufewa)